Laroksil da Haldol: abin da suke yi a cikin ƙwaƙwalwa

Likita kan rubuta waɗannan magunguna biyu ga mai ciwon damuwa ko taɓin hankali. Ga yadda suke aiki.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace biyu akwai ɗan gibi wanda ido ba ya gani. In saƙo ya iso bakin gibin, jijiya ta farko sai ta saki wani sinadari, ya tsallaka, ya zauna a ƙofofin karɓa na jijiya ta biyu. Daga nan ta farkon ta tsotse abinta, saƙo ya ƙare.

Laroksil, wato amitiriftilin, maganin damuwa ne. Yana toshe hanyar tsotsewar nan, sai sinadaran serotonin da noradirenalin su daɗe a gibin. Toshewar tana faruwa tun ranar farko, amma jijiyoyi sai sun ɗauki lokaci kafin su daidaita ƙofofinsu. Shi ya sa sauƙin zuciya kan ɗauki sati 2 zuwa 4. Barci da bushewar baki kuwa da wuri suke zuwa, domin maganin yana taɓa wasu ƙofofi na daban. Kada a ce bai karɓe shi ba a aje shi bayan sati guda. A ɓoye shi daga yara, don in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya.

Haldol, wato haloferidol, ana ba mai jin muryoyi ko mai zargin da babu dalili. Shi ƙofofin dofamin yake tarewa, saƙon da ya yi yawa ya ragu. Yana aiki in ya tare kamar kashi 65 cikin 100 na ƙofofin. In ya wuce kashi 80 sai jiki ya fara sanƙarewa, saboda dofamin ɗin ne kuma ke sassauta motsin gaɓoɓi.

A ce saurayi ya fara sha ran Litinin. Ran Laraba wuyansa ya karkace, idanu suka kafe sama, harshe ya yi nauyi. Gida za a ce iska ce ta taɓa shi. Ba iska ba ce, kuma ba ciwon ne ya ƙaru ba, magani ne ya tare ƙofofi da yawa. A maida shi wurin likita ranar nan, ya rage yawan maganin ko ya ba shi Artan. Kada a sayi Artan a hannun ƴan talla. In sanƙarewar ta haɗu da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, a tsaida maganin, a garzaya asibiti mafi kusa, ko Ƙonni, ko Galmi, ko Illela.

Ƴan uwa da ke ci-rani kuna aiko magani, ku nemi hoton takardar likita tukuna, suna da yawan miligiram su zo daidai.