Karkarwar yanayi (wasannin bidiyo)

Karkarwar yanayi matsala ce da ake samu a manhajar wasannin bidiyo, inda abokin gaban da kwamfuta ke sarrafawa yake ta sauyawa tsakanin sintiri da bin ɗan wasa sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya. A kan allo, ana ganin sa yana kakkarwa a wuri guda, ko yana zare makami yana mayarwa. Ana magance ta da barin rata tsakanin sharaɗin shiga wani yanayi da sharaɗin fita daga cikinsa, dabarar da ake kira histerisis.

Asalin matsalar

Wasanni da yawa suna tafiyar da abokan gaba da tsarin da ake kira injin yanayi. A wannan tsari, abokin gaba yana cikin yanayi ɗaya ne tak a kowane lokaci, kuma akwai sharaɗin da ke kai shi wani. Mafi sauƙin sharaɗi shi ne nisa: idan ɗan wasa ya matso ƙasa da mita 10, mai gadi ya bi shi, idan ya wuce mita 10, ya koma sintiri.

Aibin yana cikin amfani da iyaka ɗaya wajen shiga da fita. Wasan da ke zana hoto 60 a daƙiƙa yakan duba sharaɗin sau 60. Ɗan wasan da ke gudun mita 6 a daƙiƙa yana cin santimita 10 tsakanin hoto da hoto, don haka nisansa na iya tashi daga mita 9.95 zuwa 10.05 a dubawa ɗaya. Idan kuma mai gadin sai ya juya ya zare makami kafin ya taka, kowane sauyi yana mayar da wannan motsi farko, har ya kasa barin inda yake. Masu shirya wasa sukan tabbatar da matsalar ta hanyar sa manhajar ta rubuta kowane sauyi tare da lokacinsa. Idan sauye-sauyen suna zuwa a jere, nisan kuma bai bar kusa da mita 10 ba, to iyakar ce sanadi.

Magani

Mataki na farko shi ne raba iyakar gida biyu. Mai gadi ya fara bi a ƙasa da mita 10, amma kada ya daina sai nisan ya wuce mita 14. Tsakanin biyun, yana ci gaba da abin da yake yi. Mataki na biyu shi ne jinkiri: ko nisan ya wuce mita 14, sai ya daɗe a haka daƙiƙa 2 a jere kafin a koma sintiri.

```python
if state == PATROL:
    if dist < 10:
        state, timer = CHASE, 0
elif dist > 14:
    timer += dt
    if timer >= 2:
        state = PATROL
else:
    timer = 0
```

A nan `dt` shi ne lokacin da ya wuce tun dubawar baya. Idan ɗan wasa yana gudun mita 6 a daƙiƙa, mai gadi kuma mita 5, tazararsu na ƙaruwa da mita 1 kowace daƙiƙa. Daga mita 10 zuwa 14 daƙiƙa 4 ke nan, a ƙara 2 na jinkiri, ɗan wasa zai tsira bayan kimanin daƙiƙa 6. Jinkirin ya fi amfani inda sharaɗin gani ne ba nisa ba, kamar lokacin da ginshiƙi ya kare ɗan wasa na ɗan lokaci.

Kurakurai da iyakoki

Idan aka ƙirga jinkirin da yawan hotuna maimakon lokaci, hoto 120 zai zama daƙiƙa 2 a na'ura mai zana 60, amma daƙiƙa 4 a mai zana 30. Idan aka manta mayar da `timer` sifiri lokacin da ɗan wasa ya dawo kusa, guntayen lokuta za su taru, mai gadi ya haƙura ba zato. Ratar da ta yi faɗi da yawa kuma tana hana ɗan wasa kuɓuta, musamman a ƙaramin ɗaki inda babu wurin yin nisan mita 14.

Tarihi

Kalmar histerisis ta samo asali daga Girkanci, da ma'anar zuwa a makare. Masanin kimiyya ɗan Sikotilan James Alfred Ewing ne ya shigar da ita kimiyya a shekarun 1880. A fannin lantarki, da'irar da Otto Schmitt ya ƙirƙira a shekarun 1930 tana aiki da iyaka biyu. Wasan Pac-Man na kamfanin Namco, wanda ya fito a 1980, ya bi wata hanya dabam: agogo ne ke sauya fatalwowinsa, inda a matakin farko suke fara da daƙiƙa 7 na watsewa, sannan daƙiƙa 20 na bin ɗan wasa.