Tambayoyi Kafin Zama: A Kan Wasiƙar Malami da Karatun Fadamar Haɗejiya

Wani abokin aikina na ganin cewa malamin da ya rubuta wa ɗalibai wasiƙa ya jero musu tambayoyi kafin zaman semina ya riga ya kashe zaman. A cewarsa, ɗalibi ba zai ƙara karanta maƙalar ba, farautar amsa kawai zai shiga yi, ya tsinci layi uku ya watsar da saura. Ban yarda ba, ko da yake hujjarsa ba ta banza ba ce. Zan gwada ta da wasiƙar da nake ba ɗalibaina kafin mu zauna a kan binciken Barbier da Adams da Kimmage, na farkon shekarun 1990, game da darajar fadamar Haɗejiya zuwa Nguru.

Tarihin sananne ne: madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu a ƙasa. Binciken ya kwatanta abin da fadama ke bayarwa ta noma da su da itacen girki da abin da aikin ban ruwa na Kogin Kano ke bayarwa, ya ce fadama ta fi.

Tambayar farko a wasiƙar ita ce: da me marubutan suka raba ribar, da faɗin ƙasa ko da yawan ruwan da aka sha? Abokina zai ce ga shi nan, amsar layi ɗaya ce. To amma ɗalibin da ba a tambaye shi ba, abin da yakan shigo da shi aji shi ne “fadama ta fi dam”, ya ɗauka ya gama. Wanda aka tambaya kuwa dole ya koma jadawalin lissafi, inda zai ga cewa tazarar mai ban mamaki tana fitowa ne idan an auna da ruwa. Aikin ban ruwa na shan ruwa mai yawa a fili ƙalilan. Wanda ya zaɓi ma'auni ya kusa zaɓar sakamako, kuma da wuya ɗan shekara ta uku ya hango haka shi kaɗai a karatun farko.

Tambaya ta biyu ita ce wadda ba ni da shakka a kanta: me ba su lissafa ba? Babu layin da za a tsinta a jadawali, domin abin da ake nema ba ya cikinsa. Lissafin bai sa kuɗi a kan kiwon rani na makiyaya ba, bai sa a kan ruwan da ambaliya ke cusawa ƙarƙashin ƙasa ya cika rijiyoyi ba. Batun ruwan ƙarƙashin ƙasan sai a 2000 Acharya da Barbier suka waiwaye shi. Ɗan Guri ko Kiri Kasamma ya san shanun da ke sauka fadama da rani tun bai shiga firamare ba. Sai dai ya saba ajiye wannan sanin a bakin ƙofa tare da takalminsa, yana ganin ba ya cikin abin da ake kira ilmi. Tambayar ce ke ba shi izinin shigo da shi.

Inda abokina ya fi ƙarfi shi ne cewa malami, ta hanyar zaɓen tambaya, ya riga ya nuna inda yake so a sauka. Gaskiya ne, kuma tambayoyin nan biyu duk sun karkata ga fadama. Shi ya sa ta uku take juyowa kan maƙalar: bayanan an tattara su kafin kacala ta mamaye magudanai, shin har yanzu “a saki ruwa” shi ne magani? Ruwan da ake saki daga madatsu da rani ya sa kogi ba ya bushewa, kacala ta samu wurin zama, ta tare laka, wasu rassan kogin suka toshe, ruwa ya karkata ta reshen Marma. Wani gari gonarsa ta zama tafki, wani yana jiran ambaliyar da ba ta zuwa. Ɗalibin da ya yi mako yana juya wannan yakan iso da ja a kan marubutan, wani lokaci a kaina.

Ba na da'awar cewa wannan ya dace da kowane karatu. Ga waƙa ko labari, mai yiwuwa abokina ya fi ni gaskiya, domin tambaya na iya riga ɗanɗano. Iyakar abin da zan iya karewa shi ne karatun da hujjarsa ke ɓoye cikin ma'auni da lissafi, kuma da sharaɗin kada tambayoyin su wuce uku ko huɗu, a samu aƙalla ɗaya da malamin kansa bai yanke hukunci a kanta ba. A tawa wasiƙar, ta kacala ce.