Yadda ake ɓoye saƙonni a fuskar salula idan tana kulle

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar sun sa wa salula lambar sirri, to babu mai iya ganin abin da ke ciki. Amma a galibin wayoyi, idan saƙo ya shigo fuskar wayar takan yi haske, ta nuna sunan wanda ya turo da layukan farko na saƙon, alhali wayar tana kulle. Saƙon banki ko na kamfanin tura kuɗi gajere ne, don haka sau da yawa adadin kuɗin da ragowar da ke asusu duk suna fitowa a fili. Akwai saiti guda da ke rufe wannan ƙofa, kuma kunna shi bai wuce minti biyu ba.

Me saitin yake yi?

Tun daga Android 5 da ya fito a 2014, wayoyi suna ba da zaɓi uku: a nuna saƙo gaba ɗaya, a nuna cewa saƙo ya zo amma a ɓoye abin da ke ciki, ko kuma kada a nuna komai. Na tsakiyar ne ya fi dacewa da yawancin mutane. Waya za ta yi ƙara kamar kullum, za ka ga alamar WhatsApp ko ta saƙon SMS, amma ba za a karanta rubutun ba sai an buɗe makullin.

Sharaɗi ɗaya ne: dole wayar ta kasance da makulli na gaske, wato lamba, ko zane, ko kalmar sirri. Idan shafa fuskar kawai ake yi ta buɗe, saitin ba shi da amfani, a wasu wayoyin ma ba zai fito ba sam.

Misalin abin da ke iya faruwa

A ɗauki mutumin da ya kai wayarsa wurin masu caji ranar kasuwa, ya bar ta awa uku cikin wayoyi ashirin. Ɗansa da ke aiki a Libiya ya turo masa jika 50. Saƙon ya shigo, duk wanda ke tsaye gaban teburin ya ga adadin. Ko ba a taɓa wayar ba, an san yau akwai kuɗi a hannunsa.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne lambar tabbatarwa. Wanda ya san lambar layin mutumin zai iya sa WhatsApp a tasa wayar, ya rubuta lambar. Nan take WhatsApp zai tura lambobi 6 ta SMS zuwa wayar da ke caji. Idan sun fito a fuska, sai ya kwafe, asusun ya koma hannunsa. Daga nan sai ya shiga rubuta wa ƴan uwa na Kano ko Abijan da sunan mai wayar cewa an kwantar da wani a asibiti, a taimaka da kuɗi. Alamar da mai wayar zai gani ita ce WhatsApp ɗinsa ya fita, yana neman a sake shigar da lamba. Idan haka ta faru, a sake shigar da lambar nan da nan a karɓi sabbin lambobi 6, domin hakan yana fitar da ɓarawon, sannan a sanar da dangi.

Yadda ake kunna shi

Da yake yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, ga sunayen kamar yadda suke a rubuce.

A wayoyin Android, shiga Paramètres, sannan Notifications, ka nemo Notifications sur l'écran de verrouillage. A wasu za ka ga zaɓin Masquer le contenu sensible, shi za ka taɓa. A sababbi kuma akwai maɓalli mai suna Notifications sensibles, wannan kashe shi ake yi. A Samsung zaɓin shi ne Masquer le contenu.

Wayoyin Tecno da Infinix da itel kowace da tsarinta, wurin saitin yakan canza daga wannan samfuri zuwa wancan. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga Paramètres, a taɓa wurin bincike da ke sama, a rubuta verrouillage, sai a zaɓi wanda ya shafi Notifications.

A iPhone, shiga Réglages, sannan Notifications, sannan Afficher les aperçus. Zaɓi uku ne: Toujours, Si déverrouillé, da Jamais. A zaɓi Si déverrouillé, wato sai an buɗe waya saƙo zai bayyana.

A gwada kafin a amince

Bayan an gama, a kulle wayar, a ce wani ya turo SMS ɗaya da saƙon WhatsApp ɗaya. A duba fuskar ba tare da an buɗe ba. Idan wayar na buɗewa da fuskar mai ita, a miƙa wa wani ya duba, domin tana ganinka za ta buɗe ta nuna komai, ka zaci saitin bai kama ba.

Idan har yanzu wata manhaja tana nuna rubutu, akwai dalili. A Android kowace manhaja tana da ikon cewa sanarwarta ba ta sirri ba ce, sai wayar ta nuna ta. Maganinsa shi ne a shiga Paramètres, Applications, a zaɓi wannan manhajar, a hana sanarwarta fitowa idan waya na kulle.

Abin da saitin ba ya karewa

Na farko, kira. Ana iya amsa kira ko waya tana kulle, kuma WhatsApp yana iya faɗin lambobi 6 ɗin ta kiran murya. Don haka a shiga Paramètres na WhatsApp, sannan Compte, a kunna Vérification en deux étapes. Wannan wata lambar sirri ce da kai kaɗai ka sani, wadda za a nema duk lokacin da aka so ɗaukar asusunka zuwa wata waya.

Na biyu, katin layi. Wanda ya zare shi ya sa a wata waya, duk saƙon da ya shigo wurinsa zai je. Abin da ke hana wannan shi ne Code PIN na katin. Amma a kula: idan aka yi kuskure sau 3 katin zai toshe, sai da lambar PUK, wadda ke rubuce a babban katin da aka ɓallo layin daga jikinsa. Idan aka yi kuskuren PUK sau 10, katin ya mutu, sai an je kamfani an sake wani.

Na uku, waya a buɗe. Idan ka buɗe ka ba yaro ya kalli bidiyo, ko ka miƙa wa maƙwabci ya yi kira, duk saƙon da ya shigo zai faɗo a saman fuska a karanta. Haka nan idan wayar tana ɗaukar minti biyar ko goma kafin ta kulle kanta bayan an ajiye ta. A rage wannan lokaci zuwa daƙiƙa 30.

Ga ƴan uwa da ke ƙetare masu aiko wa iyaye waya: a kunna waɗannan saituna kafin a ba da saƙon, a kuma zaɓi lambar da tsoho zai iya riƙewa a ka, ba 1234 ko 0000 ba. Idan akwai ɗa ko jika da ke karanta masa saƙo, ya zama shi kaɗai ne ya san lambar bayan mai wayar.