Roƙon Mamaci a Mafarki da Sadakar Masu Rai: Ina Hujja, Ina Iyaka?

A gidajenmu, idan mutum ya wayi gari ya ce ya ga marigayi mahaifinsa a mafarki yana cewa yunwa yake ji, ko ya gan shi da yagaggiyar riga, amsar da manya ke bayarwa guda ce: sadaka yake nema. Kafin azahar an soya ƙosai ko waina, ko an dama gumba, an kira almajirai an raba musu. Hujjar da zan kafa a wannan maƙala ita ce, sadakar tana da tushe mai ƙarfi a shari'a, amma ba mafarkin ne tushenta ba. Mafarki tuni ne kawai. Duk ɓarnar da ake gani a wannan babi tana farawa ne daga ranar da aka mai da tunin ya zama umarni.

Tushen sadakar a fili yake. Bukhari ya ruwaito cewa mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ba ya gari, ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, aka amsa masa da e, sai ya bayar da gonarsa mai suna Mikhraf. A ruwayar Abu Dawuda kuma, ruwa aka nuna masa, ya haƙa rijiya da sunanta. Abin lura shi ne, Sa'adu bai yi mafarki ba, kuma ba a tambaye shi ko ya yi ba. Ashe ladan yana isa ga mamaci ko an gan shi cikin barci ko ba a gan shi ba.

Shi kuwa mafarki, hadisin Abu Huraira ya kasa shi uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma tana kallon rigunan mijinta a rataye, ba abin mamaki ba ne ta gan shi yana neman riga. Wannan ba ya rage mata daraja, kuma ba ya tabbatar da cewa mijin na cikin tsiraici a kabari. Shi ya sa Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 790 bayan hijira, ya tsaya a littafinsa Al-I'itisam kan cewa mafarkin wanda ba annabi ba sai an auna shi da shari'a: yana iya yin bushara ko gargaɗi, amma ba ya kafa hukunci.

Masu ɗaukar mafarki a matsayin umarni suna da nasu abin riƙo, kuma adalci ne a kawo shi. Ibnul Ƙayyim ya kawo labarin Sabitu ɗan Ƙaisu a Kitabur Ruhi. An kashe Sabitu a yaƙin Yamama, sai wani ya gan shi a mafarki yana cewa an ɗauke sulkensa an ɓoye a ƙarƙashin tukunya a gefen sansani, ya kuma ambaci basussukan da ke kansa. Aka gaya wa Khalidu ɗan Walidu, ya aika aka duba, aka sami sulken a inda aka ce, daga baya Sayyidina Abubakar ya zartar da wasiyyar. Amma a duba yadda aka bi: sai da aka je aka kife tukunya, ido ya ga sulke. Shaidar farke ce ta gaskata ta barci. Sa'an nan abin da ya dami mamacin ba tuwo ba ne, bashi ne.

A nan nake ganin mun yi sake. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Saboda haka tambayar farko da ya kamata malami ya yi wa mai mafarki ita ce ko marigayin ya bar bashi, ko ajiyar wani, ko wasiyyar da ba a cika ba.

Mu ɗauki misali. Magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya da ƙananan 'ya'ya, da naira dubu 800 bayan an cire kuɗin likkafani da binnewa. Mai hatsi na binsa dubu 160, bai bar wasiyya ba. Matar ta yi mafarki sau biyu yana neman abinci, surukarta ta ce a sayi rago da buhun shinkafa daga kuɗinsa a yi masa sadaka. Niyyar mai kyau ce, amma hanyar ba ta halatta ba. Mai hatsi ne farko, domin bashi na gaba da gado. Abin da ya rage, dubu 640, ya riga ya fita daga hannun mamaci tun ranar da ya cika. Uwarsa tana da sudusi, matar tana da tumuni, wato dubu 80, sauran kuma akwai haƙƙin marayu a ciki, wanda ba uwa ba kaka da ke da ikon kyautar da shi. Idan matar ta ciri dubu 5 daga tumuninta ta sayi kwanon gero ta kai wa maƙwabciya gajiyayyiya, ko surukar ta ɗinka wa almajiri riga daga nata kason, sun yi abin da Sa'adu ya yi. Ragon da aka yanka da kuɗin marayu kuwa, an ɗora wa masu rai zunubi ne da sunan sauƙaƙa wa mamaci.

Akwai alamomin da ke nuna sadaka ta kauce. Idan mai fassara ya ce lalle sai jan zakara ko baƙin bunsuru, ko a ajiye abincin a mararraba ko a bakin kabari, to ya koma tsarin yanka wa iskoki da aka sani a bori, inda launin dabba ke da muhimmanci. Mamaci ba ya cin ƙosai, lada ne ke isa gare shi, kuma ladan yana cikin cikin mai yunwar da ya ci. Haka nan idan mai fassarar ya ce a hannunsa za a danƙa kayan, ko ya tsorata mutum cewa in bai yi ba mamacin zai ɗauki ɗansa, a tashi daga gabansa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta koyar da maganin mummunan mafarki: tofi sau uku a hagu da neman tsari. Babu farashi a ciki.

Tun kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ake ta jayayya a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Jayayyar ta shafi ƙayyade rana da tara jama'a ne. Masu yin ta da masu hana ta ba su saɓa ba kan cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci. Abin da ke damuna shi ne ganin tsoron bidi'a ya sa wasu matasa sun bar yi wa iyayensu sadaka ɗungurungum, har suna kwaɓar gwauruwar da ta kawo musu mafarkinta cikin hawaye. Wannan ma kuskure ne. Idan mamaci ya nemi addu'a a mafarki, ai abin da ya nema an riga an umarci ɗa na gari da shi, ba ya bukatar wani bincike.

Kirana ga malaman da ake kawo wa irin wannan mafarki shi ne, su saurari mai shi da tausayi, su tambaye shi bashi kafin su ambaci waina, kuma su ce masa ya yi sadakar daga aljihunsa gwargwadon ƙarfinsa, ba daga rabon marayu ba.