Ɗan Rawar da Ya Hana Dillalansa Kiransa: Darasin Nicolas Darvas ga Mai Duba Kasuwa da Yamma

A farkon shekarar 1959 wani ɗan rawa mai suna Nicolas Darvas ya koma birnin New York da ribar da ta kai kusan rabin miliyan na dala. Ya tara ta ne daga cinikin hannun jari cikin kusan shekara biyu da ya yi yana zagaya duniya yana wasa a gidajen rawa, ba tare da ya taka ƙafa a ofishin dillali ba. Da ya dawo sai ya ga ai yanzu dama ta samu. Ya riƙa zuwa ofishin dillalinsa kullum, yana kallon farashi na hawa da sauka, yana sauraron hirar masu ciniki. Cikin 'yan makonni, kamar yadda ya bayar da labari da kansa, ya yi asarar kusan dala 100,000.

Ma'aikacin da ke tashi daga ofis da la'asar, ya buɗe jadawalin farashi bayan cin abincin dare, yakan ɗauka cewa rashin lokaci ne babbar matsalarsa. Tarihin Darvas ya nuna akasin haka. Nisa da kasuwa bai cutar da shi ba muddin yana da rubutacciyar ƙa'ida, kusanci kuma bai amfane shi ba ranar da ya ajiye ta.

An haifi Darvas a ƙasar Hangari a 1920. Ya gudu daga ƙasar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya shi da 'yar'uwarsa Julia suka yi suna wajen rawa a Turai da Amurka. Shigarsa kasuwa a 1952 ta zo ne bisa tsautsayi: masu wani gidan rawa a Toronto sun yi masa tayin biyan ladansa da hannun jarin wani kamfanin haƙar ma'adinai mai suna Brilund. Ya sayi hannun jari 6,000 a kan santi 50 kowanne, wato dala 3,000. Bayan kamar wata biyu ya tarar farashin ya kai dala 1 da santi 90. Wannan riba ta kusan dala 8,000 ita ce ta ruɗe shi, domin ya ɗauki sa'a a matsayin gwaninta. Shekarun da suka biyo baya ya bi jita-jita, ya bi shawarar dillalai, ya kuma gwada nazarin littattafan kuɗin kamfanoni. A 1955 ya zuba kusan duk abin da ya mallaka, har da bashi, a kamfanin ƙarfe na Jones & Laughlin, ya fita da asarar kusan dala 9,000. Ya san dalilin da ya sa ya saya, amma bai taɓa tanadar inda zai tsaya idan hasashensa ya ci tura ba.

Tafiyar zagayen duniya ce ta tilasta masa tsari. Daga Tokyo ko Saigon ko Kalkata ba shi da hanyar kiran New York a duk lokacin da zuciyarsa ta raya masa. Abu biyu kawai yake samu: jaridar Barron's ta mako-mako, wadda ke isowa a makare, da wayar tangarahu ɗaya a rana daga dillalinsa, ɗauke da mafi tsadar farashin ranar, da mafi arha, da farashin rufewa na 'yan kamfanonin da yake bibiya. Tunda ba zai kasance a wurin ba lokacin da farashi zai motsa, dole ya yanke kowace shawara tun kafin a buɗe kasuwa, ya aika ta a rubuce da lambobi.

Ga yadda tsarin yake. Darvas ya lura cewa hannun jarin da ke tashi ba ya tafiya a miƙe. Yakan yi ta kai-komo tsakanin farashi biyu, kamar wanda aka kulle a akwati mai rufi da daɓe, sa'an nan ya fasa rufin ya shiga sabon akwati a sama. Ƙa'idar da aka fi jingina masa ita ce rufi ya tabbata idan kwana uku a jere farashi bai haura shi ba, haka ma daɓe idan kwana uku bai gangara ƙasa da shi ba. Yana neman kamfanin da farashinsa ke kusa da ƙololuwar tarihinsa, wanda yawan cinikinsa ya ƙaru fiye da yadda aka saba. Idan ya same shi, sai ya aika oda biyu a tare: a saya da zarar farashi ya haura rufi, a kuma sayar nan take idan ya faɗo zuwa wata lamba da ya ƙayyade. A manhajojin dillalai na yau ana kiran ta farko `buy stop`, ta biyu kuma `stop-loss`.

Cinikinsa na kamfanin taba na Lorillard ya nuna tsarin a aikace. Yana Saigon a ƙarshen 1957 ya ga hannun jarin yana kai-komo tsakanin dala 24 da 27 alhali kasuwa gaba ɗaya tana cikin rauni. Ya ba da odar sayen 200 a kan dala 27 da rabi, da odar fita a kan 26. An saya masa, bayan 'yan kwanaki farashi ya faɗo 26, aka sayar. Asarar dala 300 ke nan ban da kamashon dillali. Da farashin ya sake ɗagawa, ya sake shiga a kan kusan dala 29, ya riƙa ƙarawa yayin da sababbin akwatuna ke kafuwa har ya tara 1,000, yana kuma ɗaga lambar fitarsa a bayan farashin. Ya sayar a watan Mayun 1958 a kan kusan dala 57, da ribar kusan dala 21,000. Abin lura shi ne cinikin da ya kawo wannan riba ya fara ne da asara, kuma asarar ba ta hana shi komawa ba, domin tun farko ya san girmanta.

Bayan abin da ya same shi a New York, Darvas ya tsere zuwa Paris na ɗan lokaci. Da ya dawo sai ya ƙirƙira wa kansa nisa da gangan. Ya hana dillalansa kiransa ta waya, ya daina zuwa ofisoshinsu, ya umarce su su ci gaba da aiko masa tangarahu a otal ɗinsa da yamma bayan an rufe kasuwa, duk da suna gari ɗaya. Wato halin da ma'aikaci yake ganin tawaya ce, shi ne Darvas ya koma ya gina da hannunsa.

Idan aka juya wannan tarihi zuwa takarda ɗaya da mafari zai manna a bangon ɗakinsa, tambaya huɗu za ta amsa. Ta farko: yaushe zan duba, kuma me zan duba? Amsar ita ce sau ɗaya, bayan rufe kasuwa, a jadawalin kwana-kwana, kan kamfanoni kaɗan da aka zaɓa a ƙarshen mako. Jadawalin minti biyar ba na mai aikin ofis ba ne, domin alamar da ya gani da dare ta riga ta mutu tun da rana. Mai ciniki a kasuwar New York daga Najeriya ko Nijar ya lura cewa ana rufe ta ne da ƙarfe 9 ko 10 na dare agogonsa, gwargwadon lokacin shekara, don haka abin da ya gani da ƙarfe 7 ranar ciniki ce da ba ta ƙare ba.

Sauran tambayoyi ukun su ne: a ina zan shiga, a ina zan fita, kuma nawa zan saya? Mu ƙaddara ma'aikaci ya ware naira 600,000, kuɗin da ba na haya ba ne, ba na makarantar yara ba. Ya rubuta cewa ba zai yarda ya rasa fiye da kashi 1 cikin 100 a ciniki ɗaya ba, wato naira 6,000. Wannan iyaka ba ta Darvas ba ce, ta 'yan kasuwar da suka biyo bayansa ce, amma ita ke toshe babbar kafar tsarinsa. Ya ga wani hannun jari yana kai-komo tsakanin naira 46 da 50. Ya sa shiga a kan 50.50, fita a kan 47.50. Tazarar naira 3 ce, don haka 6,000 a raba da 3 ya ba shi hannun jari 2,000, waɗanda za su ci naira 101,000. Lambar fita ce ta ƙayyade yawan abin da zai saya, ba ƙarfin zuciyarsa a wannan daren ba. Idan farashi ya kafa sabon akwati tsakanin 54 da 58, sai ya ɗaga lambar fita zuwa 53.50. Lambar tana hawa, amma takardar ta haramta mata sauka.

Wannan tsari yana da inda yake gazawa. Odar fita ba alkawarin farashi ba ce. Idan mummunan labari ya fito da dare, kasuwa ta buɗe a 45.50, asarar ta zama naira 10,000 maimakon 6,000. A kamfanin da cinikinsa ya yi ƙaranci ma ana iya rasa mai saye gaba ɗaya. Ba kowane dillali ne yake karɓar irin waɗannan oda masu jira ba, kuma wanda bai tabbatar da haka ba kafin ya saya, tsarinsa na takarda ne kawai. Sa'an nan a kasuwar da ba ta hawa ba ta sauka, farashi yakan fasa rufi ya dawo, ya sake fasawa ya dawo, ƙananan asarori da kamasho su yi ta cin jari. Darvas ya magance wannan da littafin da yake rubuta dalilin kowane saye da musabbabin kowace asara: ko ya makara wajen shiga, ko lambar fita ta yi kusa da yawa, ko bai kula da raunin kasuwa baki ɗaya ba. Mai bin sawunsa zai ƙara layi ɗaya, cewa bayan asara uku a jere zai dakata ya karanta littafin kafin ya sake sa oda. A nan zai gane ko tsarin ne bai dace da kasuwar lokacin ba, ko shi ne ya karya tsarin.

Shi kansa labarin Darvas sai an karanta shi da taka-tsantsan. Mujallar Time ta yi rahoto a kansa a 1959, littafinsa How I Made $2,000,000 in the Stock Market kuma ya fito a 1960. A wannan shekarar ofishin babban lauyan jihar New York ya ƙalubalanci adadin, yana cewa ribar da ya iya tabbatarwa kusan dala 216,000 ce, kafin kotu ta dakatar da binciken. Ya yi cinikinsa ne a lokacin da kasuwar Amurka ke bunƙasa ƙwarai, ya yi amfani da bashi mai yawa daga dillalai, kuma ɗaya daga cikin manyan ribarsa, ta kamfanin E. L. Bruce, ta zo ne sakamakon takarar mallakar kamfanin da bai san da ita ba sa'ad da ya saya. Wanda ya ɗauki miliyan biyun a matsayin alkawari ya maimaita kuskuren Brilund.

Abin da ya rage bayan an cire sa'a da zamani shi ne ƙaramar asarar nan ta Saigon. Mutum yana nesa da kasuwa da dubban mil, farashi ya juya masa baya, kuma ya rasa dala 300 kacal, domin ya rubuta lambar 26 tun ranar da hankalinsa ke kwance. Ma'aikacin da ya zauna daren Lahadi ya rubuta tasa lambar, ranar Talata da rana yana iya kashe wayarsa ya shiga taron ofis.