Wai

wai (ƙaramar kalma): tana gabatar da zancen wani, ta kuma nuna mai kawo labarin bai ɗauki nauyin gaskiyarsa ba.

Nan mai fassarar labarai kan yi tuntuɓe. Ranar 28 ga Disamba, 2018, jikan Shehu Shagari ya sanar da rasuwar tsohon shugaban ƙasar a Abuja. Fassarar ita ce "ya sanar" ko "in ji jikansa". Da an ce "wai ya rasu", mai sauraron rediyo a kasuwar Bodinga zai ɗauka jita-jita ce, alhali kashegari aka yi jana'iza a Shagari.

Gurbinta shi ne zargi ko iƙirarin da ba a tabbatar ba. Ko nan ma sai da hattara, domin tana iya ɗaukar ƙamshin raini.