Ciwon murɗewar ganyen rogo

murɗewar ganye (suna, mace). Wata illa ce da ke kama rogo, wadda asalinta ƙwayar cuta ce da ido ba ya riska, farin ƙuda ke yaɗa ta, amma galibi ta hanyar dasa karan da ya kamu take shiga gona. Alamarta ita ce ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya a cakuɗe ba bisa nizami ba, sa'an nan ya ƙanƙance, ya murɗe, har wani ɓangare na ganyen ya fi ɗan'uwansa faɗi, alhali kuwa tushen da ke maƙwabtaka da shi yana nan lafiya lau.

Yunwar ƙasa kuwa, wadda jama'a kan rikita da wannan, hukuncinta dabam ne, domin takan game yanki guda na gona baki ɗaya, rawayar kuma takan zo daidai wa daida a ɓangarorin ganye biyu, ko ta fara daga tsofaffin ganyen ƙasa, siffar ganyen kuma galibi ba ta ɓaci.

Misali: Na zuba taki, ganyen bai miƙe ba, ashe murɗewa ce. Taki ba ya warkar da ita. A tuge tushen, kada a ɗauki iri daga gare shi.